Ginshiƙi ɗaya, tambaya ɗaya: abin da wata azara mai gaɓoɓi ta koya mini

Wata ranar Alhamis bayan la'asar wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu injiniya ne mai duba gine-gine, ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce yana tsaye a cikin wata mangaza ta ɗan kasuwar hatsi, inda aka yi wani bene na ƙarfe ana jibge buhunan wake a kai. Mai mangazar yana son ya kwashe buhunan da ke ƙarshen benen ya loda a mota, sauran kuma su zauna inda suke har farashi ya tashi. Abin da ya dami ɗalibin nawa shi ne ginshiƙi guda ɗaya daga cikin huɗun da ke riƙe da babbar azarar benen, domin an dasa shi ne a kan tsohon daɓe, kuma lissafin da ya gada ya nuna bai kamata nauyin da ke kansa ya wuce kilonyutan 35 ba. Ya ce: «Malam, in an kwashe kayan can ƙarshe, akwai abin tsoro ga wannan ginshiƙin?»

Ina tsakiyar gyaran takardun jarrabawa, sai na amsa ba tare da na ɗauki alƙalami ba. Na ce masa rage kaya ba ya cutar da gini, ya bar su su kwashe. Muka yi sallama. Sai da na idar da sallar isha'i wata kalma da ya faɗa a cikin bayaninsa ta dawo mini: azarar guntaye uku ce da aka haɗa da gaɓoɓi biyu. Nan take na san na yi gaggawa. Na nemi ya turo mini ma'aunan, na zana layi ɗaya a bayan wata takarda, kuma kafin shayin da ke gabana ya huce na gane cewa amsar da na ba shi kuskure ce. Hanyar da na bi a daren nan ita nake son in shimfiɗa, domin shekara da shekaru ina koyar da ita a matsayin dabarar rage wahalar lissafi, amma sai a ranar na ga ainihin amfaninta.

Bari in fara da siffar azarar. Da kalmar azara ina nufin doguwar sandar ƙarfe da aka kwantar a kan ginshiƙai don ta ɗauki nauyi. Tsawonta mita 18 ne. In muka fara awo daga hagu, matokari na farko, A, yana kan sifili. Na biyu, B, wanda shi ne ginshiƙin da ake tsoro, yana kan mita 6. Gaɓar farko, C, tana kan mita 8. Matokari na uku, D, yana kan mita 12. Gaɓa ta biyu, E, tana kan mita 14. Matokari na ƙarshe, F, yana kan mita 18. Gaɓa a nan mahaɗa ce irin ta gwiwa: tana riƙe guntaye biyu kada su rabu, tana miƙa nauyi daga wannan zuwa wancan, amma ba ta hana ɗaya juyawa game da ɗayan. Saboda haka muna da guntaye uku. Guntun ABC yana zaune da kansa a kan matokarai biyu. Guntun CDE yana da matokari ɗaya a D, ya jingina ɗaya gefensa a kan C. Guntun EF kuwa ya rataya a E ya kwanta a F. Irin wannan tsari ana danganta shi da injiniyan Jamus Heinrich Gerber, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1866, kuma aka gina gada da shi a Hassfurt a kan kogin Main a 1867.

Kayan da ke kai uku ne. Akwai nauyin kilonyutan 30 a mita 3, wato tsakiyar A da B. Akwai na kilonyutan 36 a mita 10, tsakiyar C da D. Sai buhunan da ake son kwashewa, waɗanda aka baza daidai wa daida a kan EF, kilonyutan 12 a kowace mita. Jimillarsu 48 ke nan, kimanin nauyin buhu 49 masu kilo ɗari-ɗari.

Hanyar da aka saba koya wa ɗalibi ita ce ya wargaza azarar gunduwa-gunduwa. Ya fara da EF ya samo abin da ke sauka a E, ya ɗauki wannan ya ɗora wa CDE ya samo abin da ke sauka a C, sa'an nan ya ɗora wa ABC ya samo B. Hanya ce ingantacciya, ba ni da ja a kanta. Aibinta shi ne, domin ka amsa tambaya ɗaya sai ka amsa biyu da ba a yi maka ba, kuma in aka canza wurin buhu ɗaya sai ka koma farko. Ni kuwa a daren nan B kaɗai nake nema, kuma ina son in san yadda zai canza in kaya suka canza.

Ƙa'idar da ta fitar da ni ita ce wadda nake kira ƙa'idar aikin ƙaddarawa. A ilimin motsi, aiki shi ne ƙarfi sau tazarar da wurin da ƙarfin ke dannawa ya gusa ta fuskar da ƙarfin ya nufa. Ƙa'idar ta ce: in abu yana zaune cikin daidaito, ka ƙaddara a ranka cewa ya ɗan motsa motsi ƙanƙani wanda matokaransa da gaɓoɓinsa suka yarda da shi, to jimillar aikin da dukkan ƙarfafan da ke kansa za su yi sifili ce. Motsin na tunani ne kawai, azarar ba ta gusa ko da faɗin gashi ba. Lagrange ya ɗora littafinsa na 1788 a kan wannan tushe, amma duk wanda ya taɓa jan ruwa da jigo a lambu ya san zuciyar maganar. Gefen da ke da tsawo yana tafiya mai nisa, gefen da ke gajere yana tafiya kaɗan, kuma nauyi kaɗan a dogon gefe yana daidaita nauyi mai yawa a gajeren gefe, domin nauyi sau tafiya ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Ga inda dabarar take. Muddin matokarai huɗun suna nan, azarar ba ta da wani motsi da za a ƙaddara mata. Sai mu cire B a tunani, mu maye gurbinsa da ƙarfin da yake yi, wato martaninsa, mu kira shi R, yana turawa sama. Yanzu azarar ta zama kamar sarƙar jigo uku, tana iya motsi iri ɗaya tak. A, D da F ba su gusa ba, don haka martaninsu bai yi aikin komai ba, sun fita daga lissafi tun kafin su shiga. Ƙarfin da ke cikin gaɓar C yana danna guntu ɗaya ƙasa, yana tura ɗayan sama da ƙarfi daidai, kuma tafiyarsu ɗaya ce, saboda haka aikinsu ya kashe juna. Haka ma na E. Abin da ya rage a fili shi ne kayan da muka sani da R da muke nema.

Sai zane. Mu ɗaga B sama da ɗan abu, mu kira shi δ. Guntun ABC sanda ce miƙaƙƙiya mai juyawa a kan A, don haka kowane wuri a kanta yana tashi gwargwadon nisansa daga A. B da ke mita 6 ya tashi δ. Wurin kaya na farko da ke mita 3 ya tashi rabin δ. C da ke mita 8 ta tashi takwas bisa shida, wato 4δ/3.

C ta ja gefen hagu na CDE sama, amma D a kafe yake. Dole guntun ya juya a kan D kamar jigo. C tana mita 4 hagu da D kuma ta tashi 4δ/3, wato kowace mita ɗaya daga D tana ba da δ/3. Wurin kaya na biyu yana mita 2 hagu da D, ya tashi 2δ/3. E kuwa tana mita 2 dama da D, a ɗaya gefen jigon, saboda haka sauka ta yi, da 2δ/3. A nan ne alƙalamina ya tsaya a daren nan, domin na ga abin da na tsallake a waya. Guntun ƙarshe, EF, yana juyawa a kan F: gefensa na E ya sauka 2δ/3, gefen F bai motsa ba. Zanen gaba ɗaya layi ne mai karye-karye: ya hau daga A zuwa C, ya gangaro ya ratsa D ya nutse zuwa E, ya sake hawowa ya tsaya a F.

Yanzu a ƙirga aiki. R yana turawa sama kuma wurinsa ya tafi sama, aikinsa R sau δ ne, da alamar ƙari. Kaya na farko yana dannawa ƙasa amma wurinsa ya tafi sama, aikinsa 30 sau rabin δ ne, wato 15δ, da alamar ragi. Na biyu ma haka, 36 sau 2δ/3, wato 24δ, da ragi. Ga kayan da aka baza, ba sai an bi buhu-buhu ba: aikinsu shi ne nauyin kowace mita sau faɗin filin da ke tsakanin inda azarar take da inda ta koma. A kan EF filin alwatika ce mai gindi mita 4 da tsayi 2δ/3, faɗinta 4δ/3. Sau 12 ya ba da 16δ. Buhunan suna dannawa ƙasa, wurinsu ma ƙasa ya tafi, don haka alamar ƙari ce. Jimilla:

R·δ − 15δ − 24δ + 16δ = 0

δ ta fita daga kowane ɓangare, abin da ke tabbatar da cewa girmanta bai taɓa zama abin damuwa ba. Sai ya rage:

R = 15 + 24 − 16 = 23 kN

Layi ɗaya ke nan, ba tare da na san martanin A, D ko F ba. Da yake na riga na yi kuskure sau ɗaya a ranar, ban yarda da kaina ba sai da na bi tsohuwar hanya. EF ya raba 48 biyu, E ta ɗauki 24, F ya ɗauki 24. A kan CDE, 36 yana mita 2 hagu da D, 24 yana mita 2 dama da shi. Bambancin juyinsu 72 a cire 48, saura 24, a raba da mita 4, C ta ɗauki 6, D kuma 54. A kan ABC, 30 sau 3 da 6 sau 8 sun ba da 138, a raba da 6, B ya zama 23, A kuma 13. In ka tara 13, 23, 54 da 24 za ka sami 114, daidai da jimillar kaya. Hanyoyin biyu sun haɗu.

Amma dubi abin da tsohuwar hanyar ta ɓoye. Ta ba ni 23 a dunƙule. Hanyar ƙaddarawa ta ba ni 15 da 24 da ragin 16, kowane kaya da rabonsa a bayyane. Buhunan da ke kan EF ba su danna B ba, ɗaga shi suke yi. Suna danna E ƙasa, CDE ya juya a kan D, ya sauƙaƙa wa C, sauƙin ya isa B. In aka kwashe su, ragin 16 ya tafi, nauyin B ya tashi daga 23 zuwa 39. Na ƙara nauyin azarar kanta, kimanin rabin kilonyutan a kowace mita, ta hanyar nan dai ta faɗin fili: alwatikar AC tana da 16δ/3, ta CD 8δ/3, a cire ta DE 2δ/3 da ta EF 4δ/3, saura 6δ, wanda ya ba da ƙarin kilonyutan 3. Ginshiƙin da ke ɗauke da 26 zai koma ɗaukar 42, alhali iyakarsa 35. Na sake kiran ɗalibina a daren, na ce masa na yi kuskure, kada a taɓa buhunan ƙarshe sai an fara rage waɗanda ke tsakanin C da D. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce: «Malam, ai da safe za a fara lodi.» Aka juya tsarin lodin, aka fara daga tsakiya.

Zanen yana faɗin kishiyar wannan ma. Da an kwashe kaya na farko da na biyu aka bar buhunan EF kaɗai, R zai zama ragin 16 da ƙarin 3, wato ragin 13. Alamar ragi a martani tana nufin azarar tana neman tashi daga kan B. Ginshiƙin da aka ɗora masa azara kawai ba a ɗaure ta da kusoshi ba, ba ya iya jan ta ƙasa. Saboda haka shawarar ba ta tsaya ga a fara daga tsakiya ba. Sai da na ce a riƙa ragewa nan da can bi da bi, ana duba jimillar. Ba a buƙaci sabon lissafi ba ko sau ɗaya, domin tsayin zanen a kowane wuri shi ne rabon da B ke samu daga kowane kilonyutan da aka ajiye a wurin: rabi a mita 3, ɗaya cif a kan B, ɗaya da sulusi a kan C, sifili a kan D, ragin biyu bisa uku a kan E. Wannan shi ne abin da masana gini suke kira layin tasiri, kuma Heinrich Müller-Breslau ne aka fi sani da nuna cewa siffar motsin ƙaddarawa ita ce layin. Lura da C: buhu ɗaya da aka ajiye a kan gaɓar yana danna B fiye da buhun da aka ajiye a kan B ɗin kansa.

A takardun ɗalibai, kuskuren da na fi gani iri biyu ne, kuma dukkansu a zane suke. Na farko shi ne manta cewa guntu yana juyawa a kan matokarinsa. Ɗalibi ya ɗaga B, sai ya ɗaga duk abin da ke damansa, ya tara 16 maimakon ya cire, ya sami 55. Maganinsa tambayoyi uku ne da nake sa su yi wa zanensu kafin su rubuta lamba ko ɗaya: shin layin ya ratsa kowane matokarin da ba a cire ba a kan sifili? Shin ya karye a kan gaɓa kaɗai? Shin tsakanin gaɓa da gaɓa miƙaƙƙe ne? Zanen da ya karye a kan D, ko ya lanƙwashe a tsakiyar guntu, ya saɓa wa azarar. Na biyu shi ne ɗaga abin da bai kamata ya motsa ba. In martanin F ake nema, an cire F an ɗaga shi, EF kaɗai ke juyawa a kan E. Sauran guntayen suna zaune daram a kan A, B da D. Don haka kayan da ke hagu da E ba su da rabo a F ko kaɗan, kuma amsar 24 tana fitowa nan take. Nauyi yana gangarowa daga guntun da ya jingina zuwa wanda aka jingina a kansa, ba ya komawa baya.

Hanyar tana da iyaka, kuma wajibi ne a san ta. Tana aiki a sauƙaƙe ne idan cire matokari ɗaya ya bar tsarin da motsi iri ɗaya tak. A azararmu abubuwan da ba a sani ba biyar ne, martani huɗu na tsaye da ɗaya na kwance a A. Ƙa'idojin daidaito uku ne, kowace gaɓa ta ƙara ɗaya, biyar ke nan. Lissafi ya cika. Da babu gaɓar E, cire B ba zai bar azarar ta motsa ba sai ta lanƙwashe, kuma a nan dole a san taurin ƙarfen da siffar yankansa. Zanen miƙaƙƙun layuka bai isa ba. Wannan ne ya sa kafin mu rabu a waya na roƙi ɗalibina ya hau tsani ya dubi C da E da idonsa. Gaɓar da ke kan takarda tana iya zama wadda wani mai walda ya like a wurin aiki domin ya ga kamar tana rawa, ko wadda tsatsa ta cinye ta daskare. In haka ta faru, azarar ta zama wata daban, kuma 23 ɗina ba nata ba ne. Ya duba da safe, ya ce farantan a gefen tsakiyar ƙarfen kaɗai suke, da kusoshi, ba walda a sama ko ƙasa. Sai hankalina ya kwanta. Haka kuma, sanin martanin B bai ce komai ba game da ko azarar kanta za ta jure lanƙwasa, ko kusoshin gaɓa za su ɗauki abin da ke ratsa su. Tambaya ɗaya aka yi, amsa ɗaya aka samu.

Tun daga wannan shekarar na canza yadda nake shiga wannan darasi. A da ina rubuta ƙa'idar a allo, in bi ta da misali, in nuna yawan layukan lissafin da aka tsira daga gare su. Yanzu ina zana azarar mangazar nan ba tare da lamba ko ɗaya ba, in tambayi aji: in an kwashe kayan ƙarshe, B zai ji sauƙi ko nauyi? Mafi yawansu suna cewa sauƙi, kamar yadda malaminsu ya ce a waya. Sai in ba ɗaya daga cikinsu alli in ce ya goge B, ya ɗaga wurin da yatsa ɗaya, ya bi layin har F. Yawanci hannunsa yana tsayawa da ya iso D, ya juyo ya dube ni, sa'an nan ya ja layin ƙasa.